Baki Ya Motsa, Murya Ta Makara: Dalilin Jinkirin Sauti a Iyafis ɗin Bulutut da Yadda Ake Gyara Shi

Jarumi ya buɗe baki ya rufe, sannan maganarsa ta iso kunne. An buga ƙofa a fim, ido ya gani, sai daga baya ƙarar ta biyo. Duk mai kallo da iyafis ko hedifon marar igiya ya san wannan matsala, kuma hukuncin farko da akan yanke shi ne an sayar wa mutum jabu. Wani lokacin haka ɗin ne. Amma sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, aikin da aka ƙera ta dominsa take yi. Kowane iyafis na Bulutut, mai tsada da mai araha, sai ya riƙe sauti na ɗan lokaci kafin ya sake shi cikin kunne. Bambancin yana ga tsawon riƙon, da kuma ko wayar ta san da shi ta yi masa tanadi ko ba ta sani ba.

Ana auna wannan jinkiri da milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan. Yawancin iyafis ɗin da ke hannun mutane suna makarar da sauti tsakanin milisakan 150 zuwa 300. A baki ƙaramin abu ne, bai kai ko kashi ɗaya cikin uku na sakan ba. Amma bidiyo hotuna ne da ake jerawa da sauri, galibi 25 ko 30 a kowane sakan. In fim yana tafiya da hoto 25, kowane hoto yana ɗaukar milisakan 40 ke nan. Jinkirin milisakan 200 na nufin murya tana bayan baki da hotuna 5 cur, kuma a cikin hotuna 5 mai magana ya riga ya wuce gaɓar kalmar da kake ji.

Ido da kunne ba sa ɗaukar kuskuren ɓangarorin biyu daidai wa daida. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ma'auni a kan haka domin gidajen talabijin: mutane kan fara lura idan sauti ya riga hoto da kimanin milisakan 45, amma in makara ya yi, sai ya kai wajen 125 kafin a farga, kuma idan ya wuce wajen 185 sai ya zama abin da ba a iya jurewa. Dalilin wannan sassauci shi ne mun saba tun muna yara. Sauti yana tafiyar mita 340 ne kacal a sakan, don haka wanda ke zaune a ƙarshen filin ƙwallo yana ganin an buga ƙwallo a ɗaya ƙarshen kafin ya ji ƙararta da kusan milisakan 300. Ƙwaƙwalwa ta san sauti kan zo a baya. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne fuska tana nan gabanka a allon waya, muryarta kuma tana zuwa kamar daga mita 70. Nan ne iyafis ɗin da ya makara da milisakan 200 yake ajiye ka.

Ina lokacin yake tafiya?

Ba a cikin iska yake ɓacewa ba. Siginar rediyo da gudun haske take tafiya, daga aljihu zuwa kunne ba ta cin lokacin da za a iya lura da shi. Jinkirin yana taruwa ne a bakin tashi da bakin sauka. Waya ba ta tura sauti ɗanye yadda yake, domin sauti mai inganci irin na faifan CD yana buƙatar kilobit 1,411 a sakan, kuma hanyar Bulutut ba ta da faɗin da za ta ɗauki wannan a kai a kai ba tare da tangarɗa ba. Sai wayar ta tara ɗan guntun sauti, ta matse shi, ta ɗaure shi ƙunshi-ƙunshi, ta aika. Tsarin matsewar shi ake kira kodek. Wanda kowace na'urar kiɗa ta Bulutut ta iya shi ne SBC, mai rage nauyin zuwa wajen kilobit 328. Akwai AAC da wayoyin iPhone ke amfani da shi, akwai aptX na kamfanin Qualcomm, akwai LDAC na Sony da ke kaiwa kilobit 990.

Ana yawan ɗora wa kodek laifin duka, alhali rabonsa kaɗan ne. Guntun da SBC ke matsewa a lokaci guda bai wuce na milisakan 3 ba, na AAC kuma wajen 23. Babban mai cin lokaci yana cikin iyafis ɗin kansa, wato ma'ajiyar da yake tara sauti kafin ya fara kunna shi.

Ga dalilin ma'ajiyar. Bulutut yana aiki a zangon rediyo na gigahaz 2.4, kuma ba shi kaɗai ba ne a wurin. Waifai yana ciki, linzamin kwamfuta marar igiya yana ciki, har na'urar ɗumama abinci ta maikirowef tana watsa hayaniyarta a nan. Domin kauce wa karo, Bulutut yana tsalle tsakanin tashoshi 79, har sau 1,600 a sakan. Duk da haka wasu ƙunshin suna lalacewa a hanya, sai an sake turo su. Da iyafis yana kunna kowane ƙunshi da isowarsa, da duk sanda ɗaya ya ɓata sai ka ji sautin ya tsinke. Masu ƙira suka yi dabarar da mai gida ke yi a unguwar da famfo ke kawo ruwa yana ɗaukewa: ya kafa tanki. Ruwa na shiga tankin da tsayawa da tafiya, amma yana fita a famfon gida ba yankewa. Kuɗin da ake biya shi ne ruwan da ya shigo yanzu ba shi za a sha yanzu ba, sai na gabansa ya fita. Babban tanki yana jure doguwar ɗaukewa, amma yana tsawaita jira. Ƙarami yana rage jira, sai dai da an ɗan ɗauke ya ƙafe.

Kamfanonin da ke ƙera iyafis sun san mai saye zai fi saurin dawo da wanda ke tsinkewa fiye da wanda ke makara, musamman tunda yawancin mutane waƙa da karatu da wa'azi suke saurara, inda babu hoton da za a gwada. Shi ya sa suke ba ma'ajiyar girma. Iyafis ƙwaya biyu da babu igiya tsakaninsu suna da ƙarin aiki kuma, domin dole na dama da na hagu su saki sauti a lokaci ɗaya, kuma a tsofaffin ƙira ɗaya ne ke karɓa daga waya ya miƙa wa ɗan'uwansa ta ƙetaren kai. Ita ma wayar tana da tata ƙaramar ma'ajiyar kafin sautin ya bar ta. In aka haɗa su duka, ga milisakan 200 ɗinka nan.

Me ya sa wani wuri lafiya, wani wuri matsala?

Mutum zai ce maka a YouTube babu komai, amma da ya buɗe gem ko ya haɗa da talabijin sai abin ya lalace, da iyafis ɗaya. Wannan shi ne mabuɗin fahimtar batun gaba ɗaya. Ba za a iya sa sauti ya iso kafin lokacinsa ba. Abin da ake iya yi shi ne a tsayar da hoto ya jira shi. A ƙa'idar Bulutut akwai hanyar da iyafis ke shaida wa waya tsawon jinkirinsa, wayar kuma ta shaida wa manhajar bidiyo, ita kuma ta riƙe hoton daidai wannan gwargwado. Mai kallo ba ya jin komai, in ban da ɗan nauyin da yake gani lokacin da ya danna kunnawa. Jinkirin yana nan bai tafi ko'ina ba, an dai ɓoye shi.

Dabarar tana aiki ne kawai inda hoto zai iya jira. Fim ɗin da aka riga aka ɗauka zai iya. Gem ba zai iya ba, domin in aka riƙe hoton, ɗan yatsanka ne zai makara. Mai buga fiyano a allon waya, ko mai rera waƙa yana sauraron muryarsa a kunne, shi ma babu abin da za a riƙe masa. Sannan ko a fim dabarar takan ci tura a wurare biyu: idan iyafis bai faɗi jinkirinsa ba ko ya faɗi wanda ba daidai ba, wayar sai ta yi kintace, ko kuma idan manhajar da kake kallo da ita ba ta damu da tambaya ba.

Kiran waya da na bidiyo sun ɗan bambanta. Da zarar an buɗe makirufon iyafis, Bulutut yana sauya zuwa tsarin kira, mai ƙaramin jinkiri da raunin sauti. Shi ya sa murya ke komawa kamar ta tsohuwar rediyo. Makarar da ake gani a kiran bidiyo galibi daga netwok take, ba daga kunne ba.

Kafin gyara, a gane irin cutar

Abin da mutane ke kira da suna ɗaya iri uku ne, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Gwajin farko ba ya cin ko sisi: kashe Bulutut, ka kunna wannan bidiyon da lasifikar wayar. In har yanzu baki da murya ba su haɗu ba, iyafis ba shi da laifi, fayil ɗin ne. Wannan ya zama ruwan dare a finafinan da aka matse aka sake matsewa domin su yi sauƙin turawa, suka bi hannu-hannu daga shagon tura finafinai zuwa waya zuwa wata wayar. A nan ma akwai tarkon da ya shafe mu musamman: kada a yi gwaji da fim ɗin Indiya ko na Turkiyya da aka fassara. Bakin jarumin da wani harshe yake motsi, ba zai taɓa haɗuwa da muryar mai fassara ba, ko da igiyar zinare aka saurara. A nemi mai karanta labarai da ke fuskantar kyamara, ko wurin da aka tafa hannu ko aka buga ƙofa. A magana kuma a riƙa kallon haruffan da leɓe ke haɗuwa a kansu, irin su b da m, domin a kansu ido ya fi kama kuskure.

In lasifika ta fito daidai, sai a mayar da iyafis a lura da abu ɗaya: tazarar tsayayya ce ko ƙaruwa take yi? Wadda take daidai a minti na 1 da minti na 40 ita ce jinkirin ma'ajiya da ba a yi wa tanadi ba. Wadda ta fara lafiya sannan ta riƙa buɗewa a hankali wata aba ce daban, za mu zo kanta.

Mu ɗauki tsayayyar mu bi ta daki-daki. A ce kana da fim a waya, lasifika ta nuna fayil ɗin lafiya, amma a iyafis murya tana baya. Buɗe fim ɗin da manhajar VLC, wadda kyauta ce. Yayin da yake tafiya, shiga wurin zaɓin sauti ka nemi Audio delay. Za ka ga alamar ƙari da ta ragi, kowace dannawa tana matsar da milisakan 50. Tunda sautin makara ya yi, ragi za ka bi, lambar ta koma ƙasa da sifili. Kada ka tsaya a inda ka fara jin ya gyaru. A ce a -100 ka ji dama-dama, a -150 da -200 ba ka ganin aibi, a -250 kuma ka fara jin murya tana riga baki. To wurin zamanka tsakanin -150 ne da -200, kuma gara ka zaɓi -150, saboda abin da muka faɗa a baya: kunne yana yafe wa sautin da ya ɗan makara, ba ya yafe wa wanda ya yi gaba. Lambar da ka samu ta wannan iyafis ce da wannan waya, kuma za ta yi maka a sauran finafinai muddin ba ka sauya ɗayansu ba.

A kwamfuta mai Windows abin ya fi sauƙi, domin a VLC maɓallin J yana jawo sauti gaba, K yana mayar da shi baya. Masu MX Player kuma suna da saiti na musamman a ƙarƙashin Audio mai suna Bluetooth audio delay, wanda ke aiki kawai idan an haɗa Bulutut. Amfaninsa a fili yake: wanda ya gyara jinkiri da hannu ya manta, ranar da ya cire iyafis ya kunna lasifika sai ya tarar murya ta riga baki, ya fara neman sabuwar matsalar da shi ya haddasa ta.

Idan tazarar ƙaruwa take yi

Wannan ita ta fi ba mutane haushi, domin sun gyara a farkon fim, kafin tsakiya ta dawo. Sababi na farko agogo ne. Waya tana da nata ɗan agogon lantarki da take ƙirga sauti da shi, iyafis ma yana da nasa, kuma babu agogo biyu da ke tafiya daidai ɗari bisa ɗari. A ce sun bambanta da kashi 50 cikin miliyan. A sakan ɗaya wannan ba komai ba ne, amma a awa ɗaya, mai sakan 3,600, ya tara milisakan 180, wato ya isa ido ya gani. Na'urar da aka ƙera da kyau tana lura da cikar ma'ajiyarta ta riƙa daidaita kanta a ɓoye. Wadda aka yi wa aikin gaggawa takan bar bambancin ya taru.

Sababi na biyu ya fi yawa a zahiri, shi ne raunin sigina. Duk sanda hanya ta toshe na ɗan lokaci, ƙunshin da suka tsaya sukan taru su iso a dunƙule. Wasu na'urorin suna zubar da abin da ya makara su kamo inda ake, sai ka ji ɗan tsinkewa. Wasu kuwa suna kunna komai, ba sa zubar da ko ɗaya, don haka kowace tangarɗa tana ƙara tazarar. Alamar wannan ita ce tazarar ba a hankali take ƙaruwa ba, tsalle take yi, kuma yawanci bayan ka ji sauti ya ɗan sarƙe. Idan ka tsayar da fim na 'yan sakanni ka sake kunnawa, ko ka ɗan ja shi baya, sai ka ga sun haɗu, domin an zubar da ma'ajiyar an fara sabuwa. In hakan bai yi ba, cire haɗin Bulutut ɗin ka sake haɗawa.

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne a share wa siginar hanya. Jikin mutum yawancinsa ruwa ne, kuma ruwa yana shanye siginar gigahaz 2.4, saboda haka wayar da ke aljihun baya ko wadda aka kwanta a kanta tana wahalar da iyafis fiye da wadda ke nesa kaɗan amma a sarari. Waifai ma abokin gaba ne idan yana kan zango ɗaya. In na'urar waifai ɗinka tana da zangon 5 GHz, koma kansa, ka bar wa Bulutut filinsa. Haka idan ka kunna Hotspot kana raba wa mutanen gida data kuma kana kallo da iyafis, ka sani a wayoyi da yawa eriya ɗaya suke rabawa. A laftof akwai wani abin da ba kowa ya sani ba: ramin USB 3.0 da abin da aka soka masa, kamar filas ko hadis, suna fitar da hayaniya a daidai wannan zango. Wanda ke kallon fim daga hadis ɗin da ke manne kusa da ɗan abin Bulutut ɗin da ya soka, ya gwada mayar da ɗayansu ɗaya gefen.

Ita ma wayar takan zama sanadi. Ƙaramar waya da aka ba babban fayil, ga zafi, ga saitin tanadin batir a kunne, takan kasa fitar da hotuna a kan lokaci. A nan hoton ne ke makara, sautin ya wuce gaba, kuma za ka ga motsi yana cijewa. Rage ingancin bidiyon, rufe sauran manhajoji, kashe tanadin batir.

Masu Android suna da wata ƙofa kuma. In ka shiga About phone ka danna Build number sau 7, sashen Developer options zai buɗe, a ciki akwai Bluetooth audio codec. Nan za ka ga kodek ɗin da ake amfani da shi, ka kuma iya sauyawa zuwa wanda iyafis ɗinka ya iya. Wanda ke kan LDAC a wuri mai cunkoson sigina ya fi kowa cin ribar sauyi, domin nauyinsa ya sa ya fi saurin sarƙewa. Sai dai kada a sa rai da yawa. Sauya kodek ba ya rage girman ma'ajiyar iyafis, kuma a wayoyi da dama zaɓin yana komawa yadda yake da zarar an cire haɗin. A wannan sashe kuma kada a taɓa abin da ba a sani ba.

Talabijin, gem da masu haɗa bidiyo

Talabijin ce ta fi wahalar sha'ani. Mai son kallon ƙwallo da dare ba tare da ya tashi iyali ba yakan sayi ɗan abin watsa Bulutut ya soka a ramin sautin talabijin ko na dikoda. Talabijin ɗin ba ta ma san da shi ba, a ganinta igiya aka soka, don haka ba za ta riƙe hoto ba. Sai ya shiga saiti ya ga Audio delay ya yi murna, alhali a talabijin da yawa wannan saiti ƙara wa sauti jinkiri kawai yake yi, domin an yi shi ne don matsalar da ta saba da tasa. Ya tabbatar yana kan sifili. Akwai kuma wani abin da ke kama da juyin hankali: talabijin tana ɗaukar lokaci tana gyara hoto kafin ta nuna shi, kuma wannan jinkiri taimakonsa yake yi. A ce hedifon ya makara da 220, hoton kuma ya makara da 80, abin da ido zai gani 140 ne. In ya kunna Game Mode na talabijin, wanda ke cire gyaran hoton, tazarar ta koma kusan 200. Ga mai kallo da hedifon, a kashe shi ya fi.

Gyara na gaskiya a nan shi ne abin watsawa da hedifon da dukansu biyu suka iya aptX Low Latency, wanda ke sauko da jinkiri zuwa wajen milisakan 40. A ja layi a ƙarƙashin dukansu biyu. In ɗaya ne kawai ya iya, a shiru za su koma wani kodek da dukansu suka iya, kamar SBC, kuɗi ya tafi a banza.

Masu gem suna da zaɓi uku. Iyafis da yawa yanzu suna da nasu Game Mode, wanda ba komai ba ne illa rage ma'ajiya: jinkiri ya ragu sosai, amma da ka ɗan yi nisa da waya sai tsinkewa ta fara. Lambar da ake bugawa a kwali galibi ta ɓangaren iyafis ce kaɗai, ba a haɗa da na waya da na gem ɗin ba, don haka abin da za ka ji ya fi ta. Sai hedifon masu zuwa da nasu ɗan abin sokawa a USB, waɗanda ba Bulutut suke bi ba ko da yake a zango ɗaya suke, kuma jinkirinsu 'yan gomomin milisakan ne. Na uku igiya, wadda har yau babu abin da ya kamo ta a wannan fage.

Waɗanda nake ganin sun fi cutuwa ba tare da sun sani ba su ne matasa masu haɗa bidiyo a waya. Mai kallo in iyafis ya yaudare shi, shi kaɗai ya sha wahala. Amma wanda ya zauna yana daidaita murya da hoto da iyafis a kunne, yana matsar da sauti har ya ji ya zauna, kuskuren ya dinke shi a cikin aikin. Duk wanda ya kalla da lasifika zai ji murya ta riga baki, wato ɓangaren da kunne ya fi ƙi. Haka mai bin waƙa da baki a gaban kyamara, ko mai ɗora murya a kan kiɗa: abin da yake ji ya riga ya wuce, don haka duk abin da ya yi a makare zai fito. Ɗauka da daidaitawa da igiya ake yin su, ko aƙalla a duba aikin da lasifika kafin a sake shi, a kuma dogara da zanen sautin da manhajar ke nunawa fiye da kunne.

A wajen saye

Lambar da aka fi tallatawa a kwali, 5.0 ko 5.3, ba ta faɗin komai game da jinkiri. Iyafis mai 5.3 da ke kan SBC da babbar ma'ajiya zai makara kamar na shekarun baya. Abin da ya kawo sauyi na gaske shi ne sabon tsarin da ake kira LE Audio, mai kodek LC3, wanda aka sanar a 2020 aka kammala ƙa'idojinsa a 2022. An gina shi da ƙaramin jinkiri tun daga tushe, kuma waya tana aika wa kunnen dama da na hagu kai tsaye. Shi ma dai sai waya da iyafis duka sun iya shi, kuma samun 5.3 a kwali ba ya nufin yana ciki. Masu iPhone kuma su sani wayarsu ba ta amfani da aptX ko LDAC, saboda haka biyan ƙarin kuɗi dominsu asara ce.

Ko a Farm Centre ta Kano kake ko a ɗan shagon bakin titi, kwali ba zai gaya maka abin da kunnenka zai gaya maka ba. Ka nemi mai shago ya bari ka haɗa da wayarka, ba tasa ba, tunda jinkirin na haɗuwar na'urorin biyu ne. Kada ka gwada da YouTube, domin zai ɓoye aibin. Kunna ƙarar maɓallan rubutu, ka buɗe wurin rubuta saƙo, ka danna harafi ɗaya-ɗaya a hankali, ko ka buɗe gem ɗin da ka saba bugawa. Tazarar da ka ji tsakanin taɓawar yatsa da ƙarar ita ce jinkirin da babu wanda ya yi wa kwaskwarima. In iyafis ɗin yana da Game Mode, kunna shi ka sake gwadawa, sannan ka sa wayar a aljihu ka ɗan taka ka ji ko zai tsinke.